Gano Kamfani Ɗaya A Rumbunan Bayanai Daban-daban Da Lambar LEI Da Lambar Haraji: Tambayoyi Da Amsoshi

Duk wanda aka taɓa miƙa wa jerin kamfanoni biyu aka ce ya fitar da waɗanda suke ɗaya, ya san aikin ba ya tafiya yadda ake zato. Sashen kuɗi ya rubuta kamfanin da wani suna, sashen kwangila ya rubuta shi da wani, banki kuma yana da nasa rubutun. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu wannan aiki suka fi yi mini, kuma amsoshin duk suna komawa wuri guda ne: kafin ka ce lamba ta yi daidai da lamba, sai ka san mene ne aka ba wa lambar tun farko.

Me zai hana in haɗa su da suna kawai?

Suna ba ya zama wuri ɗaya. Wani ya rubuta shi cikakke kamar yadda yake a takardar rajista, wani ya yanke wutsiyar da ke nuna nau'in kamfanin, irin su Ltd ko GmbH ko SARL, wani kuma ya rubuta sunan da ke jikin allon ƙofa, wanda ba shi ne na rajista ba. Ga kuma sunayen da aka juyo daga rubutun Larabci ko na Sinanci zuwa boko, kowa da yadda ya ji a kunnensa. Wannan matsalar kamfani ɗaya mai suna da yawa ke nan. Wadda ta fi ta haɗari ita ce suna ɗaya a kan kamfanoni da yawa, domin uwar kamfani da 'ya'yanta sukan yi kusan suna guda, kalma ɗaya ce ta raba su. Kama da wane ba ta wane. Suna yana da amfani wajen duba aikin da lamba ta yi, amma ba a ɗora masa nauyin haɗawa.

Mece ce LEI, kuma me take nunawa takamaimai?

LEI taƙaitawar Legal Entity Identifier ce, lamba mai gurbi 20, haruffa da alƙaluma a gauraye, wadda ake ba kamfani ko wata ƙungiya da doka ta san da zamanta. Ƙa'idarta ita ce ISO 17442, wadda ta fito a 2012. Dalilin samar da ita ya samo asali ne daga rikicin kuɗi na 2008: da bankin Lehman Brothers ya durƙushe, bankuna da hukumomi suka rasa hanyar gane nawa ne kuɗinsu ya maƙale a ɗimbin kamfanonin da ke ƙarƙashinsa, saboda kowa da irin sunan da ya rubuta su. Gidauniyar GLEIF, wadda aka kafa a 2014 a birnin Basel, ita ke kula da tsarin, amma ba ita ke bayar da lambar da hannunta ba. Akwai hukumomin da ta amince wa, su ke karɓar takardu su tantance su bayar.

Gurbi huɗu na farko suna nuna hukumar da ta fara bayar da lambar. Goma sha huɗu na tsakiya na kamfanin ne. Biyu na ƙarshe na tantancewa ne. Kada ka nemi ƙasar kamfani ko nau'insa a cikin lambar, ba a saka su ba. Ko gurbi huɗun farkon ma ba sa gaya maka wa ke riƙe da bayanan a yau, domin kamfani yana iya komawa wata hukuma ya tafi da lambarsa yadda take.

Abin da ya sa nake fifita ta a wannan aiki abu biyu ne. Kamfani ɗaya lamba ɗaya yake da ita a duk duniya, kuma ba a sake ba wa wani ita ko bayan kamfanin ya rufe. Sannan bayanan a buɗe suke kyauta, kowa na iya sauke cikakken fayil ɗin daga GLEIF, ana kuma sabunta shi kullum.

Ta yaya zan gane an rubuta LEI daidai tun kafin in je nema?

Da lissafi. Ka mayar da kowane harafi alƙalami: A ya zama 10, B ya zama 11, haka har Z ya zama 35. Ka jera su duka su zama doguwar lamba ɗaya, ka raba da 97. Idan ragowar ta zama 1, rubutun ya tsira. Ga lambar ita GLEIF ɗin kanta:

```
506700GE1G29325QX363
```

G ya zama 16, E ya zama 14, Q ya zama 26, X ya zama 33. Idan ka jera ka raba da 97, ragowar 1 ce. Ga yadda ake yi a Python:

```python
def lei_daidai(lei):
    lei = lei.strip().upper()
    if len(lei) != 20 or not lei.isalnum():
        return False
    return int("".join(str(int(c, 36)) for c in lei)) % 97 == 1
```

Wannan gwaji yana kama kusan duk kuskuren yatsa, kamar a buga harafin O a gurbin sifili, ko a sauya wa alƙaluma biyu wuri. Iyakarsa ke nan. Bai ce an taɓa bayar da lambar ba, bai kuma ce ta kamfanin da ke gabanka ce ba. Mutum na iya kwafo lafiyayyiyar LEI ta uwar kamfani ya manna a layin ɗiyarta, lissafi ya wuce sumul.

Ai lambar haraji ma lamba ɗaya ce ga kamfani ɗaya. Mene ne bambancin?

Nan ne mafi yawan mutane ke zamewa, don haka bari in daɗe a kai. Hukumar haraji ba ta bayar da lamba don ta taimake ka ka gane kamfani. Tana bayarwa ne don ta san wa zai biya ta, a ina, kuma wane haraji. Saboda haka abin da lambar ke nunawa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ɗauki Burazil. Lambar CNPJ gurbi 14 gare ta: takwas na farko su ne tushen kamfanin, huɗu na gaba suna nuna reshe, biyu na ƙarshe na tantancewa. Hedikwata ta saba ɗaukar 0001, rassa su bi baya. Kamfani mai rassa talatin zai bayyana a rumbunka da lambobi talatin da ɗaya, alhali a idon doka shi kaɗai ne. Idan kamfani kake nema, takwas ɗin farko za ka kwatanta.

A Indiya kamfani yana da lambar haraji ta dindindin guda, wato PAN, mai gurbi 10, amma yana da GSTIN, lambar harajin kaya da hidima, daban a kowace jiha da ya yi rajista. GSTIN gurbi 15 ce, biyu na farko lambar jiha ce, misali 27 ta Maharashtra, 29 ta Karnataka, sannan gurbi na 3 zuwa na 12 su ne PAN ɗin. Wanda ya san haka zai yanko PAN daga ciki ya haɗa layukan cikin minti ɗaya. Wanda bai sani ba zai ƙirga kamfani ɗaya sau biyar.

Akwai kuma akasin haka. A Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, kamfanoni 'yan gida ɗaya suna iya yin rajistar harajin VAT a ƙungiyance, su yi amfani da lamba guda. A nan lamba ɗaya ce a kan kamfanoni da yawa, kowanne da rajistarsa da bashinsa da LEI ɗinsa. A Jamus kuwa kamfani yana da lamba iri biyu: Steuernummer, wadda ofishin haraji na yankinsa ke bayarwa kuma tana iya canzawa idan ya koma wani yanki, da USt-IdNr, wato lambar VAT, mai farawa da DE sai alƙaluma tara. Sau da yawa za ka tarar an zuba su duka a gurbi ɗaya mai suna "lambar haraji", wannan layi da wannan iri, na ƙasansa da wancan.

Ga wani abu kuma: EIN, lambar harajin kamfani ta Amurka, alƙaluma tara ce, SIREN, lambar rajistar kamfani ta Faransa, ma tara ce. Ba abin da ya hana alƙaluma taran nan su zo ɗaya a kan kamfanoni biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba. Don haka lambar haraji ita kaɗai ba ta isa makulli ba. Makullin abu uku ne a haɗe: ƙasa, irin lambar, sannan lambar.

Rumbu ɗaya yana da LEI, ɗayan yana da lambar haraji kawai. Ina gadar da za ta haɗa su?

Bayanan LEI ba su da gurbi na musamman don lambar haraji. Abin da suke da shi shi ne lambar rajistar kamfani da kuma hukumar da ta yi rajistar. A bayanan da GLEIF ke bayarwa ta API, sunayensu `registeredAs` da `registeredAt`. Wannan ita ce gadar, a ƙasashen da lambar haraji ke da dangantaka da lambar rajista.

Mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce akwai wani kamfanin Faransa mai sayar maka da kaya, kuma ya bayyana a wuri uku. Lambar da zan yi amfani da ita ta koyarwa ce kawai, ba ta kowa ba ce.

```
kuɗi:      FR32123456789
kwangila:  123 456 789 00012
banki:     LEI, registeredAs = 123 456 789
```

Da ido, abu uku ne daban. Layin farko lambar VAT ce: FR, sai alƙaluma biyu na tantancewa, sai SIREN mai tara. Layi na biyu SIRET ce, mai alƙaluma 14: SIREN, sai biyar da ke nuna wani ofishi ko ma'ajiya ta kamfanin. Layi na uku SIREN ce tsurarta, an raba ta da fili.

Matakin farko shi ne wanki: a cire fili da ɗigo da karan tsaye da na kwance, a mayar da haruffa manya, amma a ajiye asalin rubutun a gurbinsa, kada a goge shi. Mataki na biyu, a gane irin kowace lamba ta tsawonta da siffarta da ƙasarta. Na uku, a yanko tushen: tara na ƙarshe daga lambar VAT, tara na farko daga SIRET. Duka uku sun ba da 123456789.

Kafin in amince, ina gwada alƙaluma biyun nan na lambar VAT, domin suna da lissafinsu:

```
(12 + 3 × (SIREN mod 97)) mod 97
```

Idan aka raba 123456789 da 97, ragowar 39 ce. Uku sau 39 ya ba da 117, a ƙara 12 ya zama 129, a sake rabawa da 97 ragowar 32. Ta yi daidai da 32 ɗin da ke bayan FR, wato ba a yi kuskuren bugawa ba. Sai mataki na ƙarshe, a ɗora ido a kan suna da adireshi. Idan sunan da ke bayanan LEI ya yi kusa da na sauran biyun, an gama. Adireshin sashen kwangila zai iya bambanta, kuma ba abin damuwa ba ne, tunda SIRET wuri take nunawa, mai yiwuwa ma'ajiyar da ake ɗauko kaya ce, hedikwata kuma tana wani gari.

Faransa ƙasa ce mai sauƙi a wannan fanni. A Jamus ba za ka iya fitar da lambar rajista daga lambar VAT ba, ba su da alaƙa. Ita lambar rajistar ma, mai farawa da HRB, ba ta tsayawa da ƙafarta sai an haɗa ta da kotun da ta yi rajistar, domin kotuna biyu na iya bayar da lamba iri ɗaya. Shi ya sa ake kwatanta `registeredAs` tare da `registeredAt`. Inda babu gada irin wannan, sai ka nemi takarda ɗaya da ta ɗauki lambobin biyu tare, kamar takardar neman biyan kuɗi ko fom ɗin da kamfanin ya cike da kansa.

Idan lamba ta zo ɗaya a layi biyu, ba shi ke nan ba?

A'a, kuma wannan na gan shi da idona. Na taɓa karɓar jerin masu kawo kaya na wata ma'aikata don in tsabtace shi. Na haɗa layuka ta lambar haraji, na duba sakamakon, sai ga kamfani ɗaya ya haɗiye layuka masu yawa: mai gyaran injin sanyaya ɗaki, mai buga takardu, mai jigilar kaya, duk sun koma mutum guda. Da na buɗe gurbin, lambarsu duka 999999999. Ashe manhajar ba ta barin a ajiye sabon mai kawo kaya sai an cike gurbin, ma'aikaci kuma ga layin mutane a gabansa, ga takarda babu lamba, sai ya danna tara har gurbin ya cika. Ban ga laifinsa ba, hanyar da aka bar masa ke nan. Amma da an tura wannan sakamakon yadda yake, kuɗin wani zai faɗa asusun wani.

Tun daga ranar, abin da nake fara yi kafin komai shi ne ƙirga sunaye nawa ke ƙarƙashin kowace lamba:

```sql
SELECT kasa, lamba, COUNT(DISTINCT suna) AS n
FROM kamfanoni
GROUP BY kasa, lamba
ORDER BY n DESC;
```

Layukan saman su ne ke tona asiri. Can za ka ga jerin sifili, da 123456789, da lambar ita ma'aikatar kanta da wani ya riƙa sakawa, da lambar dillali ko wakilin haraji da ke tsaya wa kamfanoni da dama. Waɗannan a fitar da su daga aikin haɗawa gaba ɗaya, a ɗauke su tamkar gurbin babu komai.

Dalilin tsanantawa a nan shi ne kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Idan ka kasa haɗa layi biyu na kamfani ɗaya, gobe ma rana ce, za ka haɗa su. Idan ka narkar da kamfanoni biyu suka zama ɗaya, aka ɗora ciniki da biyan kuɗi na wata shida a kai, raba su sai an bi takarda ɗaya bayan ɗaya. Kuma kuskuren yana yaɗuwa: layin A ya haɗu da B ta lambar VAT ta ƙungiya, B ya haɗu da C ta LEI, sai ga A da C a ɗaki ɗaya ba tare da wani abu ya taɓa haɗa su ba. Alamar da ba ta cika ƙarya ba ita ce ka ga LEI biyu masu rai a cikin rukuni ɗaya. Da ka ga haka, ka tsaya, galibi kamfani biyu ne a ciki.

Na ga an rubuta LAPSED a gaban wata LEI. In jefar da ita?

Kada ka jefar. Ana sabunta LEI duk shekara, wadda ba a sabunta ba sai ta koma LAPSED. Kamfanin na iya kasancewa yana nan da ransa, lambar kuma tasa ce har yanzu, tana aikin haɗawa sarai. Abin da ya tsufa shi ne bayanan da ke tare da ita, don haka kada ka dogara da adireshin ko sunan wajen yanke hukunci. Waɗanda ke bukatar kulawa su ne DUPLICATE, wato an ba kamfani ɗaya lamba biyu bisa kuskure aka soke ɗaya, sai ka bi wadda aka bari, da ANNULLED, wadda aka soke saboda tun farko bai kamata a bayar ba.

Kamfani ya canja suna, ko wani ya saye shi. Me ke faruwa da lambobin?

Canjin suna ba ya taɓa LEI, kuma tsohon sunan yakan kasance a cikin bayanan, abin da ke taimakawa ƙwarai idan rumbunka ya tsufa. Idan an sayi hannun jarin kamfani ne kawai, yana nan a matsayinsa, lambarsa ba ta motsa, mai shi ne ya canza. Idan kuwa an narkar da shi cikin wani har ya daina wanzuwa, za a nuna shi INACTIVE, a kuma rubuta magajinsa a gurbin da aka tanada.

A nan shawarata ita ce kada ka goge tsohon ka maye gurbinsa da magaji. Kwangilar da aka sa wa hannu kafin haɗewar, da tsohon kamfanin aka yi ta. Ka bar layi biyu, ka ɗaura igiya tsakaninsu, ka rubuta ranar.

Uwar kamfani da 'ya'yanta fa? Shugabanni suna so su ga jimillar cinikinmu da gidan gaba ɗaya.

Bukata ce mai kyau, amma tambaya ce ta biyu. Da farko a san wane ne wane, sannan a san wa ya mallaki wa. GLEIF tana da fayil daban na dangantaka, mai nuna uwa ta kusa da uwa ta can ƙoli. Ma'aunin da ake bi shi ne na lissafin kuɗi, wato kamfanin da ke haɗa asusun ɗiyar cikin nasa, don haka mai kashi ashirin cikin ɗari ba lallai ya bayyana ba. Kamfani kuma na iya bayar da dalilin rashin bayyana uwarsa, misali idan mutane ne suka mallake shi kai tsaye. Rashin ganin uwa a fayil bai nuna babu ita ba.

Lambobina suna lalacewa duk lokacin da na buɗe fayil a Excel. Me ke jawo haka?

Yana ɗaukarsu a matsayin adadi ne. Sai ya zubar da sifilin farko, lambar rajistar Birtaniya mai gurbi takwas ta koma bakwai ko shida. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 kuma yana mayar da ƙarshenta sifili, idan ka ajiye fayil ɗin a haka ta tafi ke nan. Ka shigo da ginshiƙin a matsayin Text tun wajen buɗewa. A rumbun bayanai ma gurbin rubutu za ka ba su, tunda ba wanda zai tara lambar haraji da wata.

Wani ƙaramin tarko: lambar VAT ta Girka da EL take farawa, alhali lambar ƙasar a ISO ita ce GR. Wanda ya ciro ƙasa daga haruffa biyun farko zai rasa kamfanonin Girka duka.

Yawancin kamfanonin da ke jerina ba su da LEI. Yaya zan yi?

Haka abin yake a ko'ina. An bayar da LEI fiye da miliyan biyu, amma kamfanonin duniya sun ninka haka sau da yawa, kuma masu ita galibi waɗanda dokar kasuwar kuɗi ta tilasta wa ne. Ga sauran, lambar rajista tare da hukumar da ta bayar ita ce ta fi ƙarfi, sai lambar haraji da ƙasarta da irinta. Lambar VAT ta ƙasashen Tarayyar Turai ana iya duba ingancinta a VIES, shafin Tarayyar na duba lambobin VAT, sai dai wasu ƙasashen ba sa nuna suna da adireshi, amsar kawai tana aiki ko ba ta aiki. Wanda ba shi da ko ɗaya, suna da adireshi za su kawo shi gaban mutum ya duba, kada na'ura ta yanke hukunci ita kaɗai.

Ka kuma lura da masu sana'a su kaɗai. A wasu ƙasashe lambar harajin kasuwancinsu ita ce lambarsu ta ƙashin kansu, don haka sirrin mutum ce, ba a yawo da ita a fayil barkatai.

Bayan na gama haɗawa, wace lamba zan mayar babbar lambar kamfani a rumbuna?

Ba ko ɗaya daga cikinsu. Ka ƙirƙiri lambarka ta cikin gida wadda ba ta da wata ma'ana, ka ba kowane kamfani ɗaya. Sai ka buɗe tebur na biyu inda kowace lambar waje ke da layinta: lambar cikin gida, ƙasa, irin lamba, rubutun asali, wankakken rubutu, inda aka samo ta, ranar da ta fara aiki da ranar da ta daina. Kamfanin Faransan nan na misalinmu zai sami layi huɗu a ciki, na LEI da na SIREN da na SIRET da na VAT, in ya buɗe sabuwar ma'ajiya a ƙara na biyar. Ka ƙara gurbi ɗaya da ke faɗin dalilin haɗa kowane layi, ko LEI ce ta zo ɗaya, ko SIREN aka yanko daga lambar VAT, ko wani ma'aikaci ne ya duba takarda ya amince, da sunansa da ranar. Ranar da aka gano wata lambar VAT ta ƙungiya ce, wannan gurbin ne zai nuna maka layukan da za ka kwance, ba sai ka rushe aikin duka ba.